Masu jiran 5G, ku fara duba harafin da ke saman wayarku

'Yan uwa marubuta, na gaji da jin ana cewa idan 5G ta iso karkara adabinmu zai bunƙasa. Mai faɗin haka ya je Kunchi ko ƙauyukan Makoɗa ya duba wayarsa. Sau da yawa harafin E zai gani, wato 2G, wadda ta shigo Najeriya a 2001.

Kada ku raina ta. Zangonta na megahaz 900 yana tafiya nesa, yana ratsa katangar ƙasa, shi ya sa turke ɗaya ke ɗaukar ƙauyuka da dama. Da ita ake kira, ake tura tes, ake danna lambobin banki a ƙaramar waya. Sai 3G ta zo wajen 2007 da intanet na gaske, amma a kan megahaz 2100, wanda ba ya nisa. Tana da wani hali kuma, idan masu amfani suka yi yawa da'irar turken tsukewa take yi. Abin da ya sa ke nan ranar kasuwar Dambatta wanda ke gefe zai iya ganin H+ ta koma E alhali bai motsa ba.

4G, wadda manyan kamfanoni suka buɗe a 2016, ta data ce zalla. Idan waya ko layi ba su da VoLTE, da an kira ka wayar za ta sauka 3G ko 2G. Dole kamfani ya riƙe tsoho da sabo tare, a turken da ke shan dizal dare da rana.

To 5G fa? A Disamban 2021 MTN da Mafab kowanne ya ci lasisi a kan dala miliyan 273.6, a zangon megahaz 3500. Gudu kam akwai, nisa ne ya gaza na 3G ma. Wanda ya zuba wannan kuɗi zai fara da inda masu tsadaddun wayoyi suka taru, kuma ban ga laifinsa ba. Mu da gidajenmu ke warwatse cikin gonakin gero da dawa, abin da ya kamata mu matsa wa NCC da kamfanoni a kai shi ne 4G a ƙananan zango, 700 ko 800, mai nisa irin na 2G.

Kafin nan, laifin da ke wuyanmu. Ka haɗa littafi PDF mai megabait 5 saboda hoton bango da ado. A kan E, in ana samun kilobit 100 a daƙiƙa, saukarsa kusan minti bakwai ne, in bai yanke ba. A 4G mai megabit 10, daƙiƙa huɗu. Alhali kalma 50,000 ta zallar rubutu ba ta fi kilobait 300 da ɗoriya ba, abin da E za ta sauke a kusan rabin minti. Kana Kano kana ƙorafin 'yan Tsanyawa ba sa karatu, bayan kai ka ɗora musu kayan da layinsu ba zai ɗauka ba. Rage hoton bangon, ka tura babi-babi.