Ba duk abin da aka faɗa a taro ne aka yanke ba

A bara, makonni biyu bayan komawa makaranta a watan Oktoba, wani uba ya tare ni a bakin kasuwa rai a ɓace. Ya ce an aiko masa cewa zai biya tarar jika biyu don ya ɗauke ɗansa kwana uku zuwa girbin wake. Ya ce, "Mushe, ina wurin taron nan tun daga farko har aka shafa Fatiha, yaushe aka yanke tara?" Na ce ai yana cikin rahoton taro. Ya ce, "To wa ya rubuta rahoton?" Ni ne na rubuta. Da na koma gida na sake sauraron muryar da muka ɗauka a waya, sai na tarar gaskiyarsa ce. An ambaci tara, amma ba a yanke ta ba. Alƙalamina ne ya yanke ta.

Ina koyarwa ne a wata makarantar firamare ta ƙauye a ƙasar Damargu, tsakanin Tanut da Belbeji. Kamar sauran makarantun Nijar, muna da kwamitin kula da makaranta, wanda har yau kowa ke kira Kojes duk da an sauya masa suna a hukumance. Tsarin ya samu ƙarfi ne da shirin "Makaranta don Kowa" da ƙasar Japan ta tallafa, wanda ya soma a jihar Tawa a 2004, ya iso Damagaram, sannan ya game ƙasa. Ginshiƙinsa shi ne babban taron gari: a nan ake tsara ayyukan shekara, a nan iyaye ke faɗin abin da za su iya ɗauka da kuɗinsu da ƙarfinsu. Saboda haka takardar da ke fita daga taron ba labari ba ce kawai. Da ita ake bin mutane bashi.

Yanzu da waya ta wadatu, mun koma ɗaukar taron da murya, sai daga baya wani ya zauna ya taƙaita. Ra'ayina shi ne, babban aikin mai taƙaitawa ba rage tsawon magana ba ne. Aikinsa shi ne shiƙa, ya raba tsaba da ƙaiƙayi: abin da taro ya tsayar gefe guda, abin da aka jefa kawai don a ji ra'ayi gefe guda. Wanda ya haɗa su a kwano ɗaya, ko da kowace kalma da ya rubuta an faɗe ta, ya yi wa taron ƙarya.

Bari in bi taron namu daki-daki. Ya ɗauki awa biyu da minti arba'in, kuma batutuwa huɗu ne suka ci lokacin.

Na farko azuzuwan zana. Muna buƙatar uku kafin yara su zauna. Bayan ja-in-ja, shugaban kwamiti ya ce, "Ke nan kowane gida damin kara ɗaya, unguwar gabas su kawo itatuwa, a haɗu ranar Asabar bayan sallar asuba. An yarda?" Aka amsa da murya ɗaya, "An yarda." Wannan hukunci ne, kuma yana ɗauke da alamominsa huɗu. An faɗi abin da za a yi, an faɗi wanda zai yi, an sa rana, sannan mai jagorancin taro ya maimaita ya tambaya aka amsa. Tun daga lokacin, da waɗannan huɗun nake auna kowace magana. In an rasa ta ƙarshe, wato tambaya da amsa, ba na kiran abu hukunci komai kyawunsa.

Na biyu kuɗin gudummawa, kuma nan ne mai gaggawa ke faɗawa rami. A minti na talatin da biyar ma'aji ya ce dala ɗari kowane yaro, aka yi ta cewa "to, to", aka wuce. Wanda ke rubutu yana sauraro zai sa dala ɗari ya ci gaba. Amma bayan awa biyu da minti goma, wata uwa daga ƙungiyar iyaye mata ta ce, "Malam, mai ƴaƴa huɗu a lakwal fa? Jika biyu ke nan, ga hatsi bai shigo ba." Aka sake buɗe maganar, aka tsaya a kan dala hamsin kowane yaro, a biya bayan girbi, shugaba ya tambaya aka amsa. Hukuncin taro shi ne maganar ƙarshe, ba ta farko ba. Shi ya sa yanzu nake fara sauraron minti ashirin na ƙarshe, inda shugaba kan tattara abin da aka tsayar, sannan in koma farko ina riƙe da wannan jerin. Kuma ina rubuta kuɗi ta hanya biyu, dala hamsin wato sefa 250, don wanda ya ga 50 a takarda ya ɗauka sefa ce ya rage kuɗin har ninki biyar.

Na uku karatun dare. Wani matashi ya ce da ma a sayi fitilu masu aiki da hasken rana, ƴan ajin ƙarshe su riƙa bita bayan magariba. Maganar ta yi daɗi, aka tafa, mutum shida suka tofa albarkacin bakinsu, ta ci kusan rabin awa. Amma ba a faɗi kuɗin fitila ba, ba a faɗi malamin da zai zauna ba, kuma da darakta ya ce "ma duba", sai aka wuce. Tsawon lokacin da magana ta ci ba shi ne nauyinta ba. Hausa da kanta tana nuna mana bambancin in mun kasa kunne. "Da ma a yi", "ya kamata", "me zai hana", "ni a ganina", duk ƙofar shawara ce. "Ma duba" da "Allah ya kai mu" sau da yawa hanyar rufe magana ce cikin ladabi. Matsalar tana ƙaruwa da yake taron da Hausa ake yi, wani lokaci da tafinta zuwa Tamajak ko Fulatanci, rahoton kuma da Faransanci ake rubutawa. A hanyar fassara ne "a sayi fitila" ke rikiɗa ta zama "za a sayi fitila", kuma wata uku bayan haka sai ka ji ana cewa kwamiti ya cinye kuɗin fitilar da ba a taɓa tarawa ba.

Na huɗu ita ce tarar da ta ja mini kunya. Mai gari ne da kansa ya ce duk wanda ya cire yaro zuwa gona ko kiwo a ci shi jika biyu. A cikin muryar, bayan ya gama, shiru ne na ɗan lokaci, sai tari, sai wani dattijo ya ce, "Ranka ya daɗe, gaskiya ne," sai aka kira la'asar. Bayan salla ba a koma kan batun ba, kuma shugaba bai sa shi cikin abin da ya tattara ba. Ni kuwa, don babba ne ya faɗa kuma ba wanda ya musa, na rubuta an yanke.

Na san abin da wasu abokan aikina za su ce, don sun faɗa mini. Sun ce taronmu ba majalisar dokoki ba ce, ba ma ɗaga hannu, in babba ya yi magana aka yi shiru ai an amince ke nan, kuma in muka ce sai an cika sharuɗɗa huɗu ba za mu taɓa samun hukunci ba. Akwai gaskiya a ciki, don shiru ma magana ce. Amma wace magana? Shirun yarda da shirun kunya sautinsu ɗaya a waya. Waya ba ta ɗaukar gyaɗa kai, ba ta ɗaukar kallon da mutane ke yi wa juna, kuma tana ajiye ne a gaban manya, nesa da tabarmar mata. Abin da ta fi ji shi ne muryar wanda ya fi kusa da ita. Mai taƙaitawa da ya fassara shiru da kansa ya ɗauki ikon da taro bai ba shi ba. In kuwa tara ce, to ya sa hannu a aljihun talaka.

Kuskuren yana da ɗan'uwa ta ɗaya ɓangaren, kuma shi ma na gani. Mai tsoron laifi yakan sassauta komai, ya rubuta "an tattauna batun zana" alhali an sa rana an raba aiki. Ranar Asabar ta zo ba kowa, kowa ya ce ai tattaunawa aka yi. Wannan ma cin amana ne.

Ga yadda nake yi yanzu. Ina raba takarda gida uku. Gida na farko, abin da aka yanke: aiki, mai yi, rana, kuɗi, da mintin da za a same shi a cikin muryar. Gida na biyu, abin da aka ɗage ko aka ba wani ya bincika. A nan abin da aka yanke shi ne aiken, ba aikin ba. In an ce shugaba ya je ya ga magajin gari kan ruwan sha, to hukuncin shi ne zuwan, ba rijiya ba. Gida na uku, shawarwarin da aka kawo ba a tsayar ba. Ba na zubar da su, don fitilar bara tana iya zama hukuncin bana, sai dai ba na sa sunan mai shawarar sai da izininsa. Duk abin da na yi kokwanto a kansa gida na uku yake shiga, in sa masa alamar tambaya. Kafin kwana uku su cika, ina karanta wa shugaban kwamiti da shugabar iyaye mata gidan farko da Hausa, tun abin bai gushe musu ba. Sai sun ce haka ne ake sa hannu.

Amma maganin da ya fi wannan sauƙi yana hannun masu taron. Shugabanni, kafin ku bar kowane batu, ku faɗi jimla ɗaya kusa da wayar: "Wannan an yanke," ko "Wannan sai taro na gaba." Iyaye, in aka zo muku da takarda ana cewa an yanke, kuna da damar tambaya: wa ya tambaya, su wa suka amsa, a wane minti? Muryar tana nan, a kunna.

Uban nan bai biya tara ba. A taron da ya biyo baya na miƙe na faɗi kuskurena a gaban jama'a, aka buɗe maganar da kyau. Mai gari da kansa ya janye batun kuɗi, aka tsaya a kan cewa mutum biyu na kwamiti su riƙa zuwa gidan duk yaron da ya yi kwana uku bai zo ba. Shugaba ya tambaya, aka amsa, na rubuta. Allah ya sa mu riƙe amanar abin da muka ji.