Littafin kayan shago a cikin waya: kada a goge, a ƙara layi

Gobarar da ta cinye Kasuwar Monday a daren 26 ga Fabrairu 2023 da ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau a ranar 10 ga Satumba 2024 sun yi wa 'yan kasuwar Maiduguri ɓarna iri biyu. Ta farko kowa ya gan ta, wato kayan da suka ƙone ko suka jiƙe. Ta biyu ba a cika maganarta ba, alhali ta daɗe tana ci wa mutane tuwo a ƙwarya: littattafan shago sun tafi tare da kayan. Mutum ya tsaya gaban wanda ya ba shi kaya bashi, ko gaban masu tantance asara, ba shi da abin nunawa sai abin da ya iya tunawa. Wannan ne ya sa nake ganin lokaci ya yi da ɗan kasuwa zai mayar da lissafin kayansa cikin teburin lissafi na waya, irin su Google Sheets, Excel ko WPS Office. Amma da sharaɗi, domin yawancin waɗanda na ga sun fara suna yin sa ne ta hanyar da ba ta fi tsohon littafin ba.

Ga yadda aka saba yi. Mutum zai buɗe shafi ɗaya, ya rubuta sukari, a gabansa ya sa 12. Da an sayi buhu uku sai ya goge 12 ya rubuta 9. Gobe ya goge 9 ya rubuta 4. Ranar da ya ƙirga buhunan ya tarar ba su kai ba, babu inda zai waiwaya, domin da hannunsa ya share sawun kowane ciniki. Ra'ayina a nan ba shi da kwana-kwana: adadin abin da ya saura a shago ba abin rubutawa da hannu ba ne. Kai dai ka rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, kowanne a layinsa, ka bar waya ta fitar da saura.

Mu ɗauki mai shagon kayan masarufi da ke sayar da sukari, shinkafa, taliya da man gyaɗa. Fayil ɗaya yake buƙata mai shafi biyu. Shafi na farko ya sa masa suna Harka. A layin sama ya jera kanun: A kwanan wata, B sunan kaya, C shiga, D fita, E bayani. Duk motsin kaya layi ɗaya ne sabo a ƙasa. Kayan da ke cikin shago ranar da aka fara, a ƙirga su a rubuta su a matsayin shiga. Daga nan ba a komawa sama a taɓa tsohon layi. Ko kuskure aka yi, a gyara shi da sabon layi, a faɗi dalili a gurbin bayani.

Shafi na biyu sunansa Saura. A nan kowane kaya sau ɗaya yake bayyana, a jerin A. A gaban kaya na farko, wato layi na 2, za a rubuta waɗannan a akwatin B2, C2 da D2 bi da bi:

```
=SUMIF(Harka!B:B,A2,Harka!C:C)
=SUMIF(Harka!B:B,A2,Harka!D:D)
=B2-C2
```

Ma'anar ta farko ita ce: je shafin Harka, duk layin da sunan kayansa ya yi daidai da wanda ke A2, tara mini abin da ke gurbin shiga. Ta biyu haka take, sai dai fita take tarawa. Ta uku ta cire fita daga shiga. Sau ɗaya ake rubuta su, sai a kwafa a liƙa a layukan ƙasa, 2 ɗin za ta koma 3, ta koma 4 da kanta.

Yanzu a ce ranar Litinin akwai sukari buhu 12. Ranar Talata mota ta sauke 20 daga Kano. Cikin makon aka rubuta fita sau huɗu: 7, 5, 6 da 4. Shafin Saura zai nuna shiga 32, fita 22, saura 10. Ranar Asabar da yamma Alhaji mai shagon ya shiga sito ya ƙirga da idonsa, ya tarar da 8. Ya rubuta 8 a E2, a F2 kuma ya sa `=D2-E2`, waya ta nuna masa 2. Wannan 2 ɗin ita ce amfanin aikin gaba ɗaya. Ba ta ce an yi sata ba, kuma ina roƙon iyayen gida su daina saurin ɗora wa yara laifi. Ta ce buhu biyu sun fita a cikin kwanaki shida ba a rubuta ba, kuma kwana shida abu ne da mutum zai iya bi ya tuna. Sau da yawa da an ce, "Kai Modu, wa ya ɗauki sukari ranar Alhamis?" sai amsa ta fito: "Alhaji, ai kai ka ce a ba Hajiya mai burodi ɗaya, za ta kawo kuɗi, ɗayan kuma shi muka farke muke aunawa." An gano bashin da ya kusa salwanta, an kuma gano ramin da ke cikin tsarin. Da wata uku aka yi ba a ƙirga ba, da gibin ya zama 15, da zargi ya shiga tsakani, babu mai iya warware shi. Bayan an gano, sai a rubuta su a Harka a matsayin fita, gibin ya koma sifili.

Maganar buhun da aka farke ta cancanci a tsaya a kanta, don a nan yawancin teburan ke lalacewa. Waya ba ta san buhu da mudu ba, lamba kawai ta sani. Idan ka rubuta fita 1 don buhu, ka sake rubuta fita 3 don mudu a ƙarƙashin suna ɗaya, za ta ce buhu huɗu sun tafi. Mafita ita ce suna biyu: Sukari buhu da Sukari mudu. Ranar da aka farke buhu, a rubuta layi biyu, fita 1 a na buhu, shiga a na mudu gwargwadon abin da buhun ya bayar. Adadin kuwa ka auna da mudunka ka gani, kada ka ɗauki na maƙwabci, domin cikar awo ta bambanta daga hannu zuwa hannu. Taliya ta fi sauƙi. Idan katan ɗinka ƙwaya 20 ne kuma kana sayar da ɗai-ɗai, rubuta komai da ƙwaya: katan 15 ya zama 300.

Akwai kurakurai biyu da ba sa ihu, teburin zai ci gaba da nuna lamba kamar lafiya lau. Na farko rubutun suna. Idan yau an rubuta Shinkafa, gobe yaro ya rubuta Shinkapa, SUMIF za ta tsallake na biyun ba tare da ta ce uffan ba. Babban baƙi da ƙarami ba ya damun ta, amma harafi ɗaya ya canza, ta ɗauke shi wani kaya daban. Don kama wannan, a wani akwati a gefen shafin Saura, misali H1, a sa:

```
=SUM(Harka!D:D)-SUM(C:C)
```

Muddin ya nuna 0, duk fitar da aka rubuta ta sami gidanta. Da ya nuna wata lamba, akwai sunan da aka karkata, a je a nemo shi. Na biyu shi ne haɗa lamba da kalma, kamar a rubuta "5 katan" a gurbin fita. Wannan a wurin waya magana ce, ba adadi ba, kuma ba za ta tara shi ba; binciken da ke sama ma ba zai gan shi ba. Ido ne ke kama shi: lamba tana jingina da gefen dama na akwati, rubutu yana jingina da hagu. Duk abin da ka ga ya koma hagu a jerin C ko D, gyara shi.

Sai batun rabawa, wanda shi ne ya raba wayar da littafi. Mutane da yawa suna tura fayil ɗin ta WhatsApp su ce sun raba. Abin da suka tura hoton wannan lokacin ne kawai. Da an sayi buhu ɗaya bayan haka, na hannun wancan ya zama tsohon labari, kuma nan da mako za a sami fayil huɗu kowanne da nasa lissafin. A Google Sheets ana danna Share, a rubuta adireshin imel na mutum, a zaɓa masa matsayi. Yaron da ke rubuta ciniki a ba shi Editor. Ƙanin da ke Kasuwar Singa a Kano yana haɗa kaya a ba shi Viewer, ya duba abin da ya yi ƙasa kafin ya yi lodi, ba sai an yi ta kira ba. Zaɓin nan na Anyone with the link kuwa, ina ba da shawarar a guje shi, don duk wanda mahaɗin ya faɗa hannunsa zai ga cikin shagonka.

Kada kuma a sa farashin sari da riba a fayil ɗin da aka raba. Ɓoye jeri ba kulle shi ba ne, mai Editor zai iya buɗe shi, kamar yadda zai iya goge komai. A buɗe wa wannan wani fayil daban wanda mai shago kaɗai ke gani. Idan an yi goge-goge, Google na ajiye tsofaffin kwafi a Version history tare da sunan wanda ya taɓa, kuma an fi ganin sa sosai a kwamfuta. Wannan ba zai yi amfani ba idan kowa da asusun Alhaji yake shiga, saboda haka kowa ya shiga da nasa.

Na san abin da za a ce: wuta da sabis. Mutanen Maiduguri da suka zauna cikin duhu a 2021, bayan da aka tarwatsa turakun layin wutar Damaturu a watan Janairu, ba sa buƙatar a koya musu darajar cajin waya. Fayil irin wannan rubutu ne da lambobi, ba ya cin data kamar bidiyo, kuma idan aka kunna masa Available offline ana iya rubutu ba sabis, ya aika idan sabis ya dawo. Iyakarsa ke nan kuma: abin da bai aika ba yana cikin wayar kaɗai, idan ta faɗa ruwa ya tafi. Don haka a kunna data kafin a rufe shago, a tambayi mai Viewer ko ya ga layin ƙarshe. Mutum biyu kuma kada su riƙa rubutu lokaci guda ba sabis, don dukansu za su faɗa kan layi ɗaya da babu komai, na wani ya danne na wani. Mai amfani da Excel ko WPS Office ya tabbatar fayil ɗinsa yana hawa ma'ajiyar intanet ta manhajar, ba a cikin wayar kawai yake kwance ba.

Saura asusun kansa. Da yawa daga cikin 'yan kasuwarmu mai gyaran waya ne ya buɗe musu Gmail ranar da suka sayi wayar, ba su san kalmar sirrin ba, lambar da aka sa don dawo da asusun ma ba tasu ba ce. Irin wannan mutum ko ya shekara yana rubuta Harka, ranar da waya ta ɓace ba zai iya buɗe fayil ɗinsa a sabuwa ba. Kafin a rubuta buhu ko ɗaya, a canza kalmar sirrin, a sa lambar mai shago, a rubuta kalmar a takarda a ajiye a gida, sannan a gwada shiga asusun daga wayar wani ɗan gida a ga ko teburin zai buɗe.