Kintace Ba Ƙamus Ba Ne

Akwai wata shawara da ta yi kaka-gida a azuzuwan harshe da darussan share fagen jarrabawa: idan ɗalibi ya ci karo da baƙuwar kalma, kada ya buɗe ƙamus, ya dubi abin da ke kewaye da ita ya kintaci ma'anarta. An maimaita ta har ta zama kamar doka. Sai dai rabin gaskiya ce, kuma rabin da ake ɓoyewa shi ne yake jefa mutane cikin asara. Kintace dabara ce mai sharuɗɗa, kuma malamin da ya koyar da ita bai faɗi sharuɗɗan ba ya ba ɗalibi fitila ne babu mai.

Adalci ne a fara da hujjar masu wannan ra'ayi. A zauren jarrabawar WAEC ba a shiga da ƙamus, kuma a sashen auna fahimta na Turanci akan nemi ɗalibi ya kawo kalmar da za ta maye gurbin wata kamar yadda aka yi amfani da ita a cikin nassin. Haka kuma mai tsayawa a kan kowace kalma yakan manta farkon jimla kafin ya kai ƙarshenta. Duk wannan gaskiya ne. Kuskuren shi ne a ɗauki dabarar da larura ta haifar a mayar da ita hanyar karatu ta dindindin.

Ga yadda kintace yake idan ya yi kyau. A ce ɗan birni ya karanta cewa: “Da gari ya waye mata suka kwashi dammunan gero suka nufi masussuka. Kafin azahar ƙaiƙayi ya lulluɓe ko'ina.” Bai san “masussuka” ba. Abu na farko, ya tantance ajin kalmar: ta biyo bayan “suka nufi”, saboda haka suna ce, kuma mai yiwuwa sunan wuri. Na biyu, ya feɗe ta: ga ɗafa-goshin “ma-” a gaba, ga “-a” a ƙarshe, ƙirar da ke cikin “makaranta”, “majema” da “maƙera”, wato wurin da ake yin wani aiki. Na uku, ya leƙa jimlar da ke biye: an kai gero, ƙaiƙayi ya tashi, ke nan aikin raba tsaba da zangarniya ne. Na huɗu, ya cire kalmar ya sa “wurin da ake bugun hatsi” ya ga ko zancen ya zauna. Ya zauna daram. Shaidu uku, wato nahawu da ƙirar kalma da maƙwabciyar jimla, sun haɗu a kan magana ɗaya.

To amma a lura da abin da ya sa aka yi nasara: mai karatun ya san “dami”, ya san “gero”, ya san “ƙaiƙayi”. Da bai san biyu daga cikinsu ba, da ginin ya rushe. Wannan shi ne sharaɗi na farko, kuma masana sun auna shi. A 1989 Batia Laufer ta nuna cewa mai karatu yana bukatar sanin kimanin kashi 95 cikin 100 na kalmomin nassi kafin ya fahimce shi gwargwado. A 2000 Marcella Hu da Paul Nation suka ɗaga mizanin zuwa kashi 98 ga mai karatu ba tare da taimako ba. A shafi mai kalma 300, kashi 98 yana nufin baƙin kalmomi 6, kashi 95 kuwa 15. Idan sanin ɗalibi ya tsaya a kashi 90, baƙi 30 ne a shafi guda, ɗaya a cikin kowace goma. A nan kalmomin da ake cewa ya dogara da su, su ma baƙi ne. Dabarar ta fi amfanar wanda ya riga ya tara kalmomi, alhali wanda bai tara ba aka fi tura wa ita.

Sharaɗi na biyu shi ne ƙirar kalma ta faɗi gaskiya, kuma ba kullum take faɗa ba. “Madara” ba wurin yin dara ba ce, “barkono” kuma ba mutumin wani gari ba ne, duk da ya fara da “ba-” irin ta “Bakano”. Ƙari a kan haka, rubutun boko ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali. “Maraya” na iya zama wanda ya rasa mahaifi, na iya zama birni. “Fari” na iya zama launi, ko ƙarancin ruwan sama. Haɗarin ya fi girma a nan, domin mai karatu bai ma san ya gamu da baƙuwa ba. Kama da wane ba ta wane.

Sharaɗi na uku shi ne jimlolin da ke kewaye su kasance masu shiryarwa. A 1983 Isabel Beck da abokan aikinta sun kasa muhallin kalma gida huɗu: mai nuna ma'ana kai tsaye, mai ba da haske na gaba ɗaya, wanda ba ya nuna komai, da mai ɓatarwa. Marubuci yana rubutu ne don wanda ya san kalmar, ba ya ajiye alamu don wanda bai sani ba. A duba wannan: “Da ya ji yayansa ya sayar wa wani baƙo kasonsa na gidan gadon, sai ya garzaya gaban alƙali ya nemi shufu'a.” Mai kintace zai ce diyya ce, ko rabonsa na kuɗin, ko soke cinikin. Kowanne ya shiga gurbin ba tare da tangarɗa ba, kuma babu daidai a cikinsu. Shufu'a haƙƙi ne na abokin tarayya a kadarar da ba a raba ba, ya karɓi kason da aka sayar ta hanyar biyan kuɗin da mai sayen ya biya. A mazhabar Malikiyya abokin tarayya ne ke da shi, maƙwabci ba shi da shi. Wanda ya kintaci “diyya” zai zauna jiran a ba shi kuɗi, alhali shi ne ya kamata ya tanadi kuɗi.

Daga wannan misali ake samun ma'aunin da ya kamata kowane malami ya koyar. Bayan an kintata, a gwada sa wata ma'ana dabam a gurbin. Idan ma'anoni biyu ko uku masu saɓani duk sun zauna, to jimlar ba ta ba da shaida ba, zato ne kawai aka yi. Sannan a tambayi kai: me za a rasa idan an yi kuskure? Sunan tsuntsu a cikin labarin hira ana iya wuce shi. Kalmar da ke cikin takardar yarjejeniya, ko hukuncin kotu, ko bayanin shan magani, ko wadda ta dawo sau uku a babi guda, ba a barinta ga kintace.

Kuma ba a rasa wurin tambaya ba. Ƙamusun Bargery yana nan tun 1934, na Abraham tun 1949, Jami'ar Bayero kuma ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006. Tsarin da ya dace shi ne a kintata da farko, a ja layi a ƙarƙashin kalmar, a ƙarasa sakin layi, sannan a buɗe ƙamus a ga ko an dace. Ɗalibin da ake hana wa wannan mataki na ƙarshe ba zai taɓa sanin sau nawa ya yi kuskure ba, zai dai girma yana sa hannu a kan takardun da yake zaton ya fahimta. Matambayi ba ya ɓata.