Sayen kaya ta intanet daga waje: a ina harajin TVA ke shiga, wa ke biya?

Tun da aka sake buɗe iyakar Nijar da Nijeriya a watan Maris na 2024, matasanmu na Gidan Sori, Tibiri da Gidan Rumji sun ƙara sabawa da yin odar kaya ta salula. Wani daga Kano, wani daga Sin, wani daga Dubai. Ƙorafin da muke yawan ji kuwa iri ɗaya ne: kuɗin da mutum ya gani a fuskar waya daban, wanda ya biya kafin kaya su shigo hannunsa daban. Wasu su ce mai kaya ya cuce su, wasu su ɗora wa ma'aikatan duwan. A ganinmu, galibi ba wanda ya cuci kowa. Harajin TVA ne ya biyo kayan, mai saye bai sa shi a lissafi ba.

TVA haraji ne da ke kan mai amfani da kaya. A Nijar kashi 19 ne cikin ɗari a kan yawancin kaya, a Nijeriya kuma, inda ake kiransa VAT, kashi 7.5 ne tun watan Fabrairu na 2020. Ƙa'idar da ƙasashe ke bi ita ce, harajin na ƙasar da za a yi amfani da kayan ne. Takalmin da aka ɗinka a Sin aka taka shi a kasuwar Gidan Sori, TVA ɗinsa na baitulmalin Nijar ne. Abin da ya rage shi ne wa zai karɓa, kuma a wane wuri.

Mu ɗauki misali. A ce wani matashi ya ga takalma a wani shafin Sin, ya yi odar na sefa 100,000, wato jikka ɗari. Kuɗin jigila da inshora har kayan su iso ya kama 20,000. Shafin bai sa masa TVA ba, domin mai kayan fitarwa ya yi daga ƙasarsa, kuma ba shi ne mai karɓar wa Nijar haraji ba. Kayan na isowa, duwan ba za ta yi lissafi a kan jikka ɗari ba. Za ta haɗa kuɗin kaya da na jigila, darajar kayan ta zama 120,000. A kan wannan ake fara ɗora kuɗin fito. Jadawalin fiton da ƙasashen yankinmu ke aiki da shi tun 2015 yana da matakai biyar: 0, 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari. Mu ce takalman na matakin 20 ne, fito ya zama 24,000. Jimla 144,000.

To, a nan ne mutane ke yin kuskure. Kashi 19 ɗin ba a kan kuɗin da ya biya mai kaya ake ɗora shi ba, a kan 144,000 ne, ma'ana har kuɗin jigila da kuɗin fiton kansa suna ɗaukar TVA. Kashi 19 na 144,000 shi ne 27,360. Wanda ya yi lissafin 19,000 a ransa ya ga an ƙara masa 8,360 da bai san daga ina suka fito ba. Kayan jikka ɗari sun tashi a 171,360. Ba mu ma sa ƙananan kuɗaɗen da ke biyo fito ba, irin na ƙididdiga, da kuma rabin kashi ɗaya cikin ɗari da ƙawancen ƙasashen Sahel, AES, ya sanar a watan Maris na 2025 a kan kayan da ke shigowa daga wajen ƙawancen. Idan matashin nan ya riga ya yi wa masu saye alkawarin farashi bisa jikka 120, ribarsa ta tafi tun kafin ya kwance ƙunshin.

Akwai haruffan da ke nuna wa mutum inda ya tsaya tun kafin ya latsa biya. A shafukan Faransanci, HT na nufin ba a sa haraji ba, TTC na nufin an sa. A sharuɗɗan kawo kaya kuma, DDP na nufin mai kaya ya ɗauki nauyin fito da haraji har ƙofar mai saye, DAP na nufin zai kawo kayan amma fito da TVA na wuyan mai saye. Sai dai a lura, TTC na shafin Faransa harajin Faransa ne, kashi 20, bai sauke wa kowa na Nijar ba. Ɗan uwanka da ke Turai idan ya ce maka shi abin da ya gani shi yake biya, gaskiya ya faɗa: tun 1 ga Yuli 2021 Tarayyar Turai ta ba manyan kasuwannin intanet hanyar karɓar harajin tun wajen biya, a kan ƙunshin da bai wuce Yuro 150 ba. Tsarinsu ke nan, ba lalle ya zama namu ba.

Abin da ya fi shafar mu a nan shi ne hanyar Kano da Katsina. Yawancin shafukan Nijeriya ba sa kawo kaya Maraɗi, saboda haka sai mutum ya ba da adireshin wani ɗan uwa a Katsina ko Jibiya, daga can direba ya ɗauko ta Ɗan Isa. A idon shafin, wannan ciniki ne na cikin gida. Idan mai kayan yana karɓar VAT, to kashi 7.5 na cikin farashin. Kayan naira 107,500, ainihin kuɗinsu 100,000 ne, 7,500 na gwamnatin Nijeriya. Dokar Nijeriya ta sauke VAT a kan kayan da aka fitar waje, amma wannan sauƙin na mai sayarwa ne da ya fitar da kayan da takardun kwastan. Kayan da aka sauke a Katsina aka miƙa wa direba ba su da wannan takardar. Suna tsallakowa, Nijar na da haƙƙin kashi 19 ɗinta, kuma kuɗin da ke kan takardar cinikin ya riga ya ƙunshi harajin Nijeriya. Haraji biyu ke nan a kan kaya ɗaya, ba kuma ofishin da za ka je a Katsina a mayar maka da na farko.

Wasu kan ce ai kayan Nijeriya ba su da fito. Tsarin sauƙaƙa ciniki na ƙungiyar CEDEAO, wadda Nijar ta fice daga cikinta ranar 29 ga Janairu 2025, ya shafi kayan da aka yi a cikin yankin ne, masu takardar shaidar asali. Salular Sin da aka saya a Kano ba ta zama ƴar Nijeriya don ta kwana a kasuwar Kano. Sannan ko a inda aka yafe fito, yafe fito daban, yafe TVA daban.

Idan kana son ka ware haraji daga farashin da ya riga ya ƙunshe shi, rabawa ake yi, ba ragewa ba. Sefa 119,000 TTC, a raba da 1.19, ya ba da 100,000. Wanda ya cire kashi 19 daga 119,000 zai samu 96,390, lissafinsa ya karkace. Na Nijeriya a raba da 1.075.

Mun san mafi yawan masu oda ba sa ganin duwan da idonsu. Suna biyan masu haɗa kaya ne a kan kilo, a ce musu kuɗin ya haɗa da komai. Ga mai sayen riga ɗaya, wannan ya wadatar. Ga ɗan kasuwa akwai asara a ɓoye: rasiɗin duwan na fitowa ne da sunan wanda ya shigo da kayan. Ɗan kasuwar da ke da rajistar karɓar TVA yana da damar cire abin da ya biya a iyaka daga abin da ya karɓa wajen masu saye, amma sai da takarda mai sunansa da lambarsa ta NIF. Ba takarda, ba cirewa. Ƙananan ƴan kasuwa masu biyan lanho a dunƙule kuwa ba su da wannan damar tun farko, 27,360 ɗin nan sai dai su zuba shi cikin farashi.

Saura abin da ba ya bi ta Ɗan Isa ko filin jirgin Yamai: talla a Facebook, kuɗin manhaja, wurin ajiyar bayanai. Ba ƙunshi, ba ma'aikacin duwan da zai tare. Nijeriya ta bi hanyar ɗora wa kamfanonin waje karɓa, shi ya sa tun Janairu 2022 masu talla a Facebook da asusun Nijeriya ke ganin ƙarin kashi 7.5. Matashin Maraɗi da ya buɗe asusun tallansa da adireshin Kano, Abuja yake biya wa haraji, ko da masu sayen kayansa duk ƴan Gazawa da Agye ne.

Ɗaya hanyar ita ce juya nauyi. Idan mai saye kamfani ne mai rajista, mai sayarwa kuma yana waje ba shi da wakili a ƙasar, sai takardar ciniki ta zo ba TVA, wani lokaci da kalmar autoliquidation ko reverse charge a ƙasanta. Ma'anarta ba yafewa ba ce. An ce ne kai mai saye ka lissafa, ka kai wa hukumar harajin ƙasarka da kanka. Kamfanin Maraɗi da ya biya sefa 200,000 na manhajar lissafi zai bayyana 38,000 ga DGI, sannan idan yana da haƙƙin cirewa ya cire su daga TVA ɗin da ya tara. Ga irin wannan kamfanin, kuɗin shiga suke yi su fita. Haɗarin na ga wanda ya ji a majalisa cewa sa lambar NIF a shafi na sauke haraji, ya sa don ya samu rahusa. Shafin ya sauke, amma ya sauke ne a kansa, kuma idan ba ya cikin masu cirewa, kuɗin nasa ne ya biya.

Akwai kuma ranar da kaya za su zo ba daidai ba. Mai shafin zai iya mayar maka da abin da ka biya shi, har da harajin da shi ya karɓa. Wanda aka biya a duwan bai taɓa shiga hannunsa ba, ba zai mayar ba. Neman wannan sai ta hanyar duwan, da rasiɗi da shaidar cewa kayan sun koma, kuma a kan takalman jikka ɗari kuɗin motar zuwa Maraɗi da na mayar da ƙunshin Sin kan iya fin abin da ake nema.

Koke ɗaya muke da shi ga hukumomi. HT, TTC, DAP da sauransu duk da Faransanci ko Ingilishi suke, masu oda kuwa a Gidan Sori da Hausa suke lissafi, da jikka da dala. Allo ɗaya a ofishin duwan na Ɗan Isa da ke nuna matakan fito biyar da yadda kashi 19 ke hawa kansu zai rage gardamar da ake yi a bakin mota. Kafin a samu hakan, mai kayan matakin 20 ya ninka kuɗin kaya da jigila da 1.43, ya ƙara ɗan abu saboda ƙananan kuɗaɗen, sannan ya yanke wa masu sayensa farashi.