Wasiƙar malamin labarin ƙasa

Malamin labarin ƙasa na Dawce ya aika wa uwayen yara wasiƙa. Yana neman izini ya kai ƴan ajinsa kwarin Korama a watan Oktoba, tun ruwan damina bai daina gudu ba. Waɗansu uwaye suka ce: "Karatu a aji ake yin shi. Me yaro zai koya a bakin ruwa, in ba wanka ba?" Amma wanda ya karanta wasiƙar da kyau zai ga malam yana da gaskiya.

Malam ya faɗi aikin da za a yi. Yara za su auna mita 10 a bakin gaɓa, su kafa sanda a kowane gefe. Sai a jefa guntun kara a ruwa, a duba agogo. In karan ya kai sanda ta biyu cikin daƙiƙa 20, to ruwan yana gudun rabin mita a kowace daƙiƙa. In faɗin ruwan mita 4 ne, zurfinsa kuma santimita 25, ke nan lita 500 ke wucewa a daƙiƙa guda, wato jarka 20 masu cin lita 25.

Awon yana da wuyar sha'ani. Iska tana tura kara, ciyawa tana riƙe shi. Don haka sau uku za a jefa, a ɗauki na tsakiya. Ruwan sama kuma ya fi na ƙasa sauri, saboda haka lissafin yakan ɗan zarce gaskiya.

Tsoron uwaye ba na banza ba ne. A ruwan da ya kwanta akwai ƙananan katantanwa masu ɗauke da ƙwayar tsargiya. Ƙwayar tana shiga ta fata, daga baya yaro ya riƙa fitsari da jini. Shi ya sa wasiƙar ta ce ba yaron da zai taka ruwa. Malam ne zai auna zurfi, sanye da dogon takalmin roba. Kowa ya zo da ruwan shansa daga gida.

Malam ya kuma roƙi dattawa su raka yara. Waɗanda suka ga farin 1973 da na 1984 sun san inda ruwa ke kaiwa a da, da inda rairayi ya cike yanzu. Wannan ba ya cikin littafi.

Rake da kayan lambun ƙasar Matameye da ruwan wannan kwari suke rayuwa. In kowace shekara an auna a wuri ɗaya, a wata ɗaya, aka rubuta, za a gane ko ruwan yana raguwa tun kafin lambu ya bushe. Ya kamata uwaye su ba da izini, masu hali kuma su bi yaran.