Shafi Ɗaya Ya Isa

'Yan'uwana mata, in ƙungiyarku za ta nemi rance, ku ɗora wa takardunku shafi ɗaya mai bayyana abu uku, don mai kuɗi ba ya son dogon zance.

A ce matan Kamarawa ne masu ƙuli-ƙuli. Damuwa: "Markaɗen gyaɗa sai Isa, kuɗin mota na cinye ribarmu." Magani: "Za mu kafa injin a gari." Kuɗi: "Injin da rumfa naira 600,000. Mun tara 150,000 ta adashi, muna neman 450,000. Za mu biya 50,000 kowane wata, har wata tara."

Amma kafin ku rubuta 50,000, ku fid da kuɗin mai da gyara. In ribar ba ta kai ba, ku ƙara watanni. Alkawari kaya ne.