Wutar lantarki ba ta biyan mutum sau biyu

Duk lokacin da kuɗin tallafi suka shiga asusun wani sau biyu, maƙwabcinsa kuma bai ga ko sisi ba, amsar masu rubuta manhaja ɗaya ce: saba ta mutu ana tsakiyar aiki. Wannan ba uzuri ba ne. Duk wanda ke aiki da Sabon Birni da Isa, inda aka katse layukan sadarwa a Satumban 2021, ya san yankewa ba baƙuwa ba ce. Manhajar da ba ta yi tanadin mutuwar saba ba, ba a gama rubuta ta ba.

A ɗauka wata ƙungiya za ta tura wa magidanta 500 na Gatawa naira 20,000 kowane. An biya 311. Umarnin na 312 ya fita zuwa banki, amma kafin amsa ta dawo saba ta ɗauke. Idan aka sake jerin daga farko, naira 6,220,000 sun fita karo na biyu. Wannan kowa na ganin wautarsa. Kuskuren da ya fi ɓoyuwa shi ne na mai cewa a ci gaba daga inda rajista ta tsaya. Rajista ta ce 311, domin sai an biya ake rubutawa, amma mai yiwuwa kuɗin na 312 sun riga sun shiga. A sake turawa, an ninka masa. A tsallake shi, wataƙila an hana shi abincin wata.

Wasu sukan fake da cewa rumbun bayanai yana warware duk abin da ba a kammala ba. Gaskiya ne, amma rubutun da ke cikinsa kaɗai yake warwarewa. Ba shi da hannun da zai janyo kuɗin da suka bar banki.

Gyaran shi ne a rubuta niyya kafin aiki. Kowane biya a ba shi lambar shaida tabbatacciya, wadda aka haɗa daga lambar jerin da ta mai karɓa, a adana ta da alamar `sending`, sannan a kira banki. Saba na tashi, tambayarta ta farko ita ce:

```sql
SELECT ref FROM payouts WHERE status = 'sending';
```

Duk abin da ya fito, a tambayi banki matsayinsa da wannan lambar, domin tsarin NIP na NIBSS ya tanadi hanyar binciken matsayin ciniki. In ya shiga, a mayar da shi `paid`. In an tabbatar bai shiga ba, a sake turawa. In amsar ta ce ana kan aiki, a dakata, a wuce zuwa na 313. Gaggawa a nan ita ke haifar da biya biyu.

Gwajin ba shi da tsada: a rumbun gwaji, a kashe manhajar da `kill -9` ana tsaka da jerin, a tayar da ita, a maimaita sau ashirin. Jimillar da ta fita dole ta tsaya a naira 10,000,000, sunaye 500, kowane sau ɗaya.